Yadda za ka mayar da darasin kare lafiyar ma'aikata ya zama katin dubawa a bakin inji

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni ne jami'in kula da lafiyar ma'aikata a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Ina da darasi mai shafuka 46 a PowerPoint da nake koyar da sababbin ma'aikata da shi. Manaja ya ce in taƙaita shi ya koma 'yar takarda guda da za su riƙa amfani da ita a wurin aiki. Na rage shi ya koma shafi uku, amma ba wanda ke karantawa. Me zan cire, me zan bari?

Amsa:

Barka kadai, ɗan'uwa. Shafuka ukun da ka fitar sun ƙi karɓuwa ne saboda taƙaitawa ka yi, katin dubawa kuwa ba taƙaitaccen darasi ba ne. Darasi yana koya wa mutum abin da bai sani ba, yana zaune, hankalinsa kwance. Kati yana tuna wa wanda ya riga ya sani abin da zai iya mantawa, yana tsaye, ƙarar inji ta cika masa kunne, fomen yana jiran a tayar da aiki. Kamar takardar cefane ne, ba ta koya wa kowa girki, tana dai hana a dawo gida babu gishiri. Don haka ka ajiye darasinka yadda yake, ka ci gaba da koyarwa da shi. Katin kuma a bakin inji za ka samo shi, darasin zai zama wurin da kake komawa ka tabbatar ba ka tsallake wani abu ba.

Abu na farko da za ka fahimtar da manaja shi ne kati ɗaya ba zai ɗauki dukkan kamfani ba. Mai ɗaukar buhu, da mai kula da tukunyar tururi, da makanikin da ke zura hannu cikin inji, haɗarinsu daban-daban ne, kuma lokacin da kowannensu ke bukatar tuni daban ne. In ka haɗa su a takarda guda, kowa zai ga mafi yawan layukan ba nasa ba ne, daga nan sai ya daina duba har nasan. Kowane aiki da katinsa. Ka fara da aikin da kuskure ɗaya a cikinsa ke cire hannu ko ya ɗauki rai, kuma ake yinsa cikin gaggawa. A yawancin kamfanonin casar shinkafa wannan aikin shi ne buɗe injin da ya toshe, musamman elebeta, wato dogon injin nan mai bel da ƙananan bokitai da ke ɗaga shanshera zuwa sama. Da shi zan yi maka misali har ƙarshe, sauran katunan sai ka bi hanyar.

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, je ka tsaya ka kalli yadda ake buɗe elebetar idan ta toshe. Ka kalla da rana, ka kuma kalla da dare, don aikin dare kan bambanta da na rana sosai: mutane kaɗan ne, mai gyaran wuta wataƙila ya tashi, haske bai kai ba. Ka gaya musu tun farko cewa ba laifin kowa ka zo kamawa ba, in ba haka ba za su yi maka aikin da ke cikin darasi, su ɓoye wanda suke yi kullum. Ka rubuta kowane motsi bi da bi: wa ya fara zuwa, me ya danna, ina ya tsaya, da me ya kwance murfin, hannu ya sa ko ƙarfe. Sannan ka zauna da tsofaffin ma'aikata biyu ko uku ka tambaye su ranar da saura ƙiris a yi asara, da abin da ya jawo ta. Amsoshinsu sun fi kowane shafi na darasinka amfani wajen zaɓen layukan kati, domin su ne ke nuna maka matakin da ake tsallakewa a zahiri.

Yanzu sai ka buga shafukan 46 a takarda ka baza su a tebur. Za ka tarar da yawansu bayani ne: manufar kamfani, Dokar Masana'antu ta 1987 da abin da ta ce game da killace sassan inji masu haɗari, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, ma'anar haɗari, hotunan raunuka. Duk waɗannan na aji ne, babu wanda zai shiga kati. Wasu kuma ƙa'idoji ne na kullum, irin sa takalmin aiki da hana shan taba, waɗanda wurinsu allon bakin ƙofa. Wasu na abin da za a yi bayan haɗari ya auku ne, taimakon farko da kashe gobara, su ma takardarsu daban. Abin da zai rage maka bai fi shafuka shida ko bakwai ba, waɗanda ke maganar abin da mutum zai yi da hannunsa kafin ya taɓa inji. Daga cikinsu za ka tsamo jimloli, kuma kowace jimla sai ta amsa tambayoyi uku kafin ta samu gurbi. In aka tsallake ta, wani zai iya mutuwa ko ya nakasa? Ana tsallake ta a zahiri, har ƙwararru? Za a iya ganin an yi ta da ido, a amsa da e ko a'a? Wadda ta faɗi ko da a ɗaya, ta koma aji.

Tambaya ta biyu ita ce mutane suka fi raina wa. Katin dubawa na matuƙan jirgin sama ya samo asali ne bayan faɗuwar jirgin gwaji na Boeing mai lamba 299 a Amurka a watan Oktoba na 1935. Matuƙan ƙwararru ne, jirgin kuma lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne an tashi ba a saki makullin da ke riƙe da sitiyarin fikafikai ba lokacin da jirgi ke ajiye. Ƙaramin abu ne da kowa ya sani, shi ya sa aka manta da shi. Haka yake a wurinka. Ba ka bukatar layin da ke cewa a kawo sifana, don in babu sifana murfi ba zai buɗu ba, aikin da kansa zai tuna wa mutum. Amma kulle injin da ke zuba wa elebeta shanshera, aiki zai tafi daidai ko an yi ko ba a yi ba, sai ranar da wani ya tayar da shi daga can nesa. Irin wannan matakin, wanda babu abin da ke tuna wa mutum shi, shi ne ainihin abin da kati yake ɗauka.

Tambaya ta uku kuwa ita ce ke sauya yadda ake rubutu. Ɗauki jimla irin wadda ake samu a darasi: "Wajibi ne ma'aikaci ya tabbatar an raba inji da dukkan hanyoyin samun wuta kafin fara gyara." Jimlar gaskiya ce, amma a bakin inji ba ta ce komai ba. Wace hanya? Ta ina? Me zai nuna an tabbatar? A kati za ta koma: "Makunnin E2 yana OFF, kwadona yana kansa, makulli yana aljihuna." Ga sunan abu, ga wuri, ga abin da wani zai iya dubawa ya gaskata ko ya ƙaryata. Wannan na nufin sai ka je da fenti ka rubuta E2 da manyan baƙaƙe a jikin elebetar, ka rubuta E2 a jikin makunnin da ke yanke mata wuta, lamba ɗaya a wurare biyun da kuma kan katin. Kalmomi irin "a kula", "a yi hattara", "a tabbatar da tsaro", "yadda ya kamata" duk ka share su. Ba wanda zai taɓa amsa musu da a'a, layin da ba a iya amsa masa da a'a kuwa bai hana komai.

Daga nan sai maganar lokacin da za a karanta. Kati ba a karanta shi ana cikin aiki, hannu biyu a cike. Sai ka nemi wuraren da aikin ke da tsayawa na dabi'a, inda mataki na gaba ba ya juyuwa. Takardar dubawar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 tana da layuka 19, amma ba a karanta su a jere. An raba su wuri uku: kafin a sa wa majiyyaci maganin barci, kafin a tsaga fata, da kafin ya bar ɗakin tiyata. Aikin elebeta yana da irin waɗannan wurare guda biyu, kafin a kwance murfi da kafin a mayar da wuta. Kati mai fuska biyu ke nan, gaba da baya. Kowace fuska kada ta wuce layi biyar zuwa tara, kuma karanta ta da amsawa kada ya wuce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ban da lokacin yin aikin kansa. In ya fi haka mutane za su fara tsallake layuka, kuma ba kai za ka zaɓar musu wanda za su tsallake ba.

Ga yadda zan rubuta fuskar farko. Lambobin na misali ne, ka sa na kamfaninku: C1 shi ne injin da ke kawo wa elebetar kaya, C2 kuma wanda ke karɓa daga gare ta.

KAFIN A KWANCE MURFIN E2
Mutum biyu: ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya yi ya nuna.
1. An gaya wa mai kula da allon sarrafawa, ya amsa.
2. An rufe ƙofar da shanshera ke zubowa.
3. Makunnan E2, C1 da C2 suna OFF.
4. Duk wanda zai sa hannu ya sa kwadonsa, makulli yana aljihunsa.
5. Akwai wuta a allo, fitilar TRIP a kashe, an saki E-STOP, an juya zuwa LOCAL.
6. Kowa ya ja baya, an danna START na kowane inji, babu wanda ya motsa, an danna STOP.
7. An ɗaure bel ɗin E2 don kada ya juyo baya.
In amsar ɗaya ta zama a'a: TSAYA, kira shugaban aiki.

Bari in tsaya a kan layi na 5, don shi ne wanda ba za ka samu a yawancin darussan da ake kwafowa daga waje ba, kuma a wurinmu shi ya fi kowane muhimmanci. Ƙa'idar da aka sani ita ce bayan an sa kwado a danna START a ga inji bai tashi ba, wannan ne shaidar cewa makunnin da aka kulle shi ne na injin. Amma injin zai iya ƙin tashi saboda wasu dalilai da ba su da alaƙa da kwadonka. In an ɗauke wutar NEPA kuma ba a tayar da janareta ba tukuna, duk makunnin da ka kulle, ko da na wani inji ne daban, gwajin zai nuna maka lafiya lau. Sai wuta ta dawo, ko janareta ya kama da kansa, hannun mutum yana ciki. Haka nan elebetar da ta toshe sau da yawa takan sa na'urar da ke kare moto daga nauyi ta faɗi, fitilar TRIP ta kama, to a wannan hali ma START ba zai yi komai ba ko da wuta tana nan daram. Haka in wani ya riga ya danna E-STOP, wato maɓallin tsayarwar gaggawa, ko an bar zaɓin sarrafawa a AUTO ko REMOTE maimakon LOCAL da ke ba maɓallin bakin inji damar tayar da shi, ko kuma injin yana da tsarin da ke hana shi tashi sai na gabansa yana aiki. Wannan na ƙarshen sai ka zauna da mai gyaran wutarku ya gaya maka ko akwai shi, da yadda za a yi gwaji na gaskiya duk da shi. Gwajin da aka yi cikin ɗaya daga waɗannan halaye ya fi rashin gwaji haɗari, domin yana ba mutum natsuwar da ba ta da tushe. Shi ya sa layi na 5 ya zo kafin na 6. In babu wuta a allo, amsar layin a'a ce, sai a jira ko a kira mai gyaran wuta ya bi waya ya tabbatar da makunnin.

Ka lura ban rubuta "a kashe NEPA da janareta" ba. Makunnin da ake kullewa shi ne wanda ke tsakanin allon rarraba wuta da moton, bayan na'urar da ke sauya wuta daga NEPA zuwa janareta. In nan aka sa kwado, duk inda wuta ta fito ba za ta kai moton ba. Sannan maɓallin STOP da E-STOP ba su raba moto da wuta, umarni kawai suke bayarwa, shi ya sa ba a yarda a dogara da su ba.

Layi na 3 ya haɗa da C1 da C2 saboda wanda ke durƙushe a gindin elebeta yana dab da injin da ke kawo mata kaya, wanda ya hau sama kuma yana dab da wanda ke karɓa. Layi na 7 kuwa na ƙarfin da ya rage a jikin inji ne bayan an yanke wuta. Lokacin da elebeta ta tsaya, bokitan gefen da ke hawa cike suke da shanshera, na gefen da ke sauka kuma babu komai. Tarin da ya toshe gindin shi ke riƙe da bel ɗin. Da zarar an kwashe shi, nauyin cikakkun bokitan zai iya juyo da bel baya da ƙarfi, ba tare da wuta ko kaɗan ba. Wasu elebetoci suna da birkin da ke hana hakan, amma birki yana cinyewa, kuma ba a ganin lafiyarsa daga ƙasa. Makanikinku ya nuna wurin da za a ɗaure da abin da za a ɗaure da shi, a ajiye abin a jikin injin, a sa hotonsa a katin.

Layi na 4 yana cewa kowa da kwadonsa, kuma a nan ake yawan jayayya saboda kuɗi. Kwado ɗaya a hannun fomen bai wadatar ba. Fomen zai iya ganin mutum biyu sun fito ya ɗauka an gama, alhali na uku yana sama. In kowa yana da kwadonsa mai makulli ɗaya tak, an rubuta sunansa a jiki, inji ba zai tashi ba sai mutum na ƙarshe ya sauko da ƙafarsa ya cire nasa. Akwai ɗan ƙarfe mai ramuka da yawa da ake maƙalawa a makunni don ya ɗauki kwado shida a lokaci guda, ba shi da tsada. Tunda makunnai uku ne, hanya mafi sauƙi ita ce shugaban aiki ya kulle ukun, ya jefa makullansu cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, kowa ya sa kwadonsa a jikin akwatin.

Fuska ta biyu ta fi gajarta.

KAFIN A MAYAR DA WUTA
1. An kwance abin da aka ɗaure bel da shi.
2. Kayan aiki sun cika, babu na ciki.
3. Murfi da kariyar bel sun koma, an ɗaure kusoshinsu duka.
4. An kira sunan kowa, ya amsa daga waje.
5. Kowa ya cire kwadonsa da hannunsa.
6. An yi shela, an tayar da E2 babu kaya, sannan a buɗe ƙofar shanshera.
Kada ka cire kwadon wani. In aiki ya kai canjin ma'aikata, mai shigowa ya sa nasa kafin mai fita ya cire.

Na ce mutum biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana yi, kuma da gangan na zaɓi haka. Akwai katin da ake gama aiki sannan a duba ko an manta wani abu, ya dace da abin da ake yi kullum kamar duba inji da safe. Akwai kuma wanda ake karanta layi a yi shi kafin a wuce na gaba. Fuskar farko dole ta zama irin na biyun, don jerin matakan yana da muhimmanci, kuma in an yi kuskure babu damar gyara. Karantawa da ƙarfi tana da wani amfanin: tana warware matsalar wanda bai iya karatu ba, tana kuma ba ƙaramin ma'aikaci hujjar cewa babba "ba mu yi na biyar ba" ba tare da ya zama rashin kunya ba, tunda katin ne ya faɗa.

Batun harshe da siffa ba zan ja shi ba. Ka rubuta da Hausar da suke yi a wurin, in suna kiran wani inji da wani suna nasu, shi za ka sa. Kalmomin da ke rubuce a jikin maɓallai ka bar su yadda suke, domin idon mutum ya ga abu ɗaya a kati da kan allo. In akwai waɗanda ajami suka fi iyawa, ka nemi wanda zai rubuta musu da shi. Girman rabin takardar A4 ya isa, manyan baƙaƙe baƙi a kan fari, a rufe da leda mai kauri saboda ƙura da mai. Hoto ya zama na injinku ne da ka ɗauka da waya, ba wanda aka samo a intanet ba. A ɗaure katin da waya a jikin elebetar tare da kwadunan, don katin da ke ofis daidai yake da babu. A ƙasa ka sa kwanan watan da aka buga shi, in ka sabunta ka bi ka tattara tsofaffin.

Kada ka buga da yawa tun farko. Ɗauki na gwaji ka ba ma'aikata biyu da ba su cikin waɗanda ka yi shawara da su, ka ce su yi aikin da shi a kan injin da ke tsaye, ka yi shiru kana kallo. Duk inda suka dakata suka dubi juna, ko suka juyo suna tambayarka, layin ne ke da matsala, ka gyara shi. Duk layin da suka yi kafin a karanta shi ba tare da tunani ba, ka sake duba ko yana bukatar zama. A nan ne kuma za ka gano layukan da ba su yiwuwa: makunnin da ba shi da ramin kwado, makunnin da ke cikin ɗakin da ake kullewa da dare, elebetar da ba ta da wurin ɗaure bel. Waɗannan ba da rubutu ake gyara su ba. Ka kai wa manaja jerinsu da kuɗinsu, kuma kada ka fitar da katin sai an yi su, domin ranar farko da ma'aikaci ya ga layin da ba zai iya cikawa ba, ya koyi cewa katin abin tsallakewa ne. Ka sa ran sake rubuta shi sau da dama kafin ya zauna.

Bayan ya fara aiki, ga yadda za ka gane ko da gaske ake amfani da shi. Manaja zai so a sa akwatunan maki da sa hannu a kowane layi, don a samu abin ajiyewa a fayil. Ni ba na goyon bayan haka a wannan katin. Da zarar ya zama takardar cikewa, za a riƙa cike ta bayan an gama aiki, a zaune, da biro ɗaya daga sama har ƙasa, kuma fayil zai nuna komai daidai. In ana bukatar shaida, layi ɗaya a littafin aiki ya isa: lokaci, inji, sunayen mutum biyun. Shaida ta gaskiya tana wurin injin. In elebeta ta tsaya, je ka ƙirga mutanen da ke aiki a kanta, ka ƙirga kwadunan da ke rataye, in lissafin bai zo ɗaya ba ka samu amsarka. Dubi katin kansa, wanda ake amfani da shi yana yin datti da shatin yatsu. Sannan ka tambayi kanka yaushe rabon da wani ya ce a'a ya tsayar da aiki. In wata da watanni sun wuce ba a taɓa tsayawa ba, ba lallai ne komai na tafiya daidai ba, wataƙila ba a karantawa ne, ko ana tsoron faɗa.

Wannan tsoron shi ne iyakar abin da kati zai iya yi. A gwajin farko na takardar tiyatar da na ambata, wanda aka yi a asibitoci takwas har da na Ifakara a Tanzaniya aka kuma wallafa a 2009, mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Amma da lardin Ontario na Kanada ya wajabta irinta, binciken da aka wallafa a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani raguwa na a zo a gani ba. Bayanin da masana da yawa suka bayar shi ne wajabta takarda daban, sa mutane su tsaya su yi magana da juna daban. A kamfaninku, in ana biyan wasu bisa yawan buhunan da aka fitar, ko fomen yana shan faɗa kan kowane mintin da inji ya tsaya, layin da ke cewa TSAYA yana gogayya da abincin mutum. Sai manaja ya tsaya gaban ma'aikata da bakinsa ya ce wanda ya tsayar da aiki saboda katin ba za a yanke masa ko sisi ba, kuma ranar da aka fara tsayarwa ya cika alkawarin a gaban kowa.

Akwai kuma ayyukan da wannan katin bai shafa ba, ka rubuta hakan a darasinka sarai. Taɓa waya ko buɗe allon wuta aikin mai gyaran wuta ne, yana bukatar gwaji da mita, kuma na'urorin sarrafa gudun moto sukan riƙe caji na wasu mintuna bayan an yanke wuta, adadin yana rubuce a jikinsu. Walda ko yankan ƙarfe a jikin elebeta yana bukatar izini na daban a rubuce, saboda ƙurar hatsi da ta taru a rufaffen wuri tana iya kamawa da wuta har ta fashe. Shiga cikin rumbu shi ma haka. Sannan in ka ga elebetar tana toshewa sau da yawa a mako, ka sa makaniki ya duba ko bel ya saki yana zamewa a kan fule, ko ana zuba mata fiye da ƙarfinta, ko ana tayar da ita da kaya a ciki, ko mafitarta ta sama ce ke cushewa. Duk toshewar da aka hana, an rage sau ɗaya da wani zai kwance murfin.